Hausar Takarda ko Hausar Hira: Wacce Za Ka Ɗauka In An Turo Maka Hoton Takarda Ka Fassara?

Duk wanda aka san ya yi boko a dangi ya saba da wannan saƙon. Hoto ya shigo WhatsApp, takarda a shimfiɗe kan tabarma, inuwar hannun mai ɗauka ta rufe kusurwa guda, a ƙasa an rubuta: "Don Allah duba mana, me suka ce?" Wani lokaci wasiƙar makaranta ce, wani lokaci sanarwar asibiti, ko tallan da aka gani manne a bango. Turancin ko Faransancin ba shi ne ke ba ka wuya ba. Inda kake tsayawa shi ne da wane baki za ka mayar da amsa: Hausar takarda mai "ana sanar da", ko Hausar da kuke hira da ita a tsakar gida.

Hanyoyi uku ne a gabanka. Akwai Hausar takarda zalla, akwai Hausar hira zalla, akwai kuma haɗi, inda ake ajiye maganar takarda a tsare sannan mai fassara ya biyo da nasa bayanin daban. Kafin mu bi su ɗaya bayan ɗaya, ga ma'aunin da za a auna su da shi.

Ma'auni

Na farko, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne abin da mai karatu zai yi da fassarar. Wanda yake so ya san ko kanti na yin rangwame daban yake da wanda zai sa hannu, ko ya biya kuɗi, ko ya tsaya gaban alƙali. Na biyu tsada, kuma a nan yawanci lokacinka ne kuɗin, sai fa in takarda ce da ofis zai nema da hatimi, wadda dole a biya ƙwararre. Na uku ƙarko: fassarar za ta tsaya a wayar wanda ya roƙe ka, ko za a yi ta tura ta har ta kai hannun wanda bai san ka ba? Na huɗu sauƙin fahimta. Na biyar haɗari, wato irin ɓarnar da za a yi in an fahimce ka a karkace.

Akwai aikin da ke gaban duk wannan, kuma bai da ruwa da salon da ka zaɓa: duba hoton kansa. Kan takardar ya fito, har ka ga wanda ya aiko? Akwai lambar shafi da ke nuna saura shafi na biyu? Hatimi da sa hannu sun fito? Ƙananan rubutun ƙasa fa? Mai ɗaukar hoto yakan auna tsakiyar takarda ya yanke sama da ƙasa, alhali a nan kwanan wata da sharuɗɗa suke zama. In lamba ta dusashe har ba ka rabe 3 da 8, ka ce a sake ɗauka a waje da rana. Cankar lamba ba fassara ba ce.

Hausar takarda

Ita ce daidaitacciyar Hausa da aka gina a kan karin harshen Kano, wadda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa daga Zariya tun 1939, gidajen rediyo kuma suka kai ta ko'ina, har da sashen Hausa na BBC da ya fara a 1957. Amfaninta na farko ke nan: mutumin Sakkwato da na Maraɗi da na zangon Kumasi duk kunnensu ya saba da ita, ko da ba haka suke magana a gida ba. Don haka ta fi kowacce ƙarko. In an tura ta hannu goma, ta goman tana nan yadda ka rubuta ta.

Tana kuma da wani makami da ke warware matsalar da Turanci ke jefa mai fassara a ciki. Kalmar da Turanci ke kiran mai karatu da ita guda ce, ba ta nuna namiji ko mace, ba ta nuna ɗaya ko da yawa. Hausa kuwa sai ka zaɓa tsakanin ka, ki da ku. Hausar takarda tana kauce wa zaɓin da ɗan harafin nan "a": "A zo da katin asibiti." "An hana ajiye mota a nan." "Ana sanar da iyayen yara cewa za a koma makaranta ranar Litinin." Ba wanda aka nuna da yatsa, ba kuma wanda aka bari a baya. Sanarwar da aka fassara da "ka zo da katinka" ta riga ta mance da matan da suka fi kowa yawa a layin asibitin.

Tsadarta lokaci ne. Wasiƙa mai shafi ɗaya za ta zaunar da kai, domin kowace jimla sai ka bi ta, ka kuma nuna abin da ke takardar wanda ba jimla ba ne: a nan akwai hatimi, a nan an ƙara rubutu da biro, wannan layin ba ya karantuwa.

Haɗarinta kuma na musamman ne, domin kuskurenta sanye yake da riga mai kyau. Mai fassara da ya ɗaura niyyar biyayya ga takarda yakan bi kalma maimakon ma'ana. Gaisuwar da ake buɗe wasiƙar ofis da ita a Turanci in ka bi ta kalma da kalma, sai ka sa manajan banki ya kira Alhaji masoyinsa, alhali "Yallaɓai" ko "Zuwa ga Alhaji wane" ya wadatar. Wannan abin dariya ne kawai. Ga wanda ba na dariya ba: takardar gwajin jini takan ce a zo ba a ci abinci ba, kuma kalmar da Turanci ke amfani da ita ita ce dai wadda ƙamus zai ba ka da "azumi". Ka rubuta wa tsohuwa "a zo da azumi", me za ta yi? Za ta tashi da asuba ta yi sahur, sannan ta ƙi shan ruwa. Ta yi akasin abin da ake so kashi biyu, domin abin da aka saba nema shi ne a bar abinci na awa takwas zuwa goma sha biyu, ruwa zalla kuwa galibi ba a hana shi. Fassarar ta yi kyau a ido, gwajin ya lalace.

Hausar hira

Wannan ita ce ta saƙon murya: ka danna, ka yi minti biyu, ka gama. Ba ta da tsada, kuma ita kaɗai ce ke isa ga wanda ba ya karatun boko. A takardar gwajin jinin nan ita ce ke cin nasara: "Inna, daga kin ci tuwon dare kada ki ƙara cin komai, ba koko, ba shayi, sai an ɗebi jinin da safe. Ruwa dai ki sha." Ba kalmar azumi, ba ruɗani.

Tana kuma ba ka damar yi wa kowa magana a matsayinsa. Takarda ba ta san Kawu ba, kai ka san shi. Za ka fara da gaisuwa, ka tambayi jiki, in suruki ne ka sa "ku" inda takarda ta yi magana kai tsaye. Ko da wasiƙar ta zo a bushe, ba wanda zai ce ka yi rashin ladabi.

Sai dai abubuwa uku suna zubewa a hanya, kuma mai magana ba ya jin faɗuwarsu.

Na farko lambobi. Baki yana son dunƙulewa. Takarda ta ce ƙarfe 2:30 na rana, kai ka ce "bayan azahar", Kawu ya isa ƙarfe huɗu saura ya tarar an tashi. Takarda ta ce kafin 14 ga wata, ka ce "nan da sati biyu", saƙon kuma ya kwana uku ba a saurara ba. Kuɗi ya fi muni in takarda ta tsallaka iyaka. A Nijar jika ɗaya sefa 1,000 ce, dala kuma sefa 5, shi ya sa sefa 100 take dala ashirin. A Nijeriya kuwa jaka a bakin dattawa naira 200 ce. Ka ce wa mutum "jaka goma" ba tare da ka san wane gefen iyaka kunnensa yake ba, kun rabu. Ko kalmar likita ma haka: a Kano mutum ne, a Damagaram sau da yawa asibitin ake nufi. Sannan takardun Faransanci suna raba dubbai da ɗigo ko da fili, waƙafi kuma na gutsuren lamba ne, saɓanin Turanci. Wanda ya saba da takardun Nijeriya yana iya ganin 10.000 ya karanta goma.

Na biyu nauyin umarni. Takardun hukuma suna bambanta abin da yake wajibi, da abin da ya kamata, da abin da aka yarda a yi in an ga dama. A hira duka ukun sukan narke su koma "sun ce ka zo". Ga kuma wata ɗabi'a ta Turancin ofis a Nijeriya: umarni mai tsanani yakan zo da kalmar roƙo a gabansa. In ka fassara roƙon ka ce "suna roƙon ka biya", Kawu zai ɗauka alfarma ake nema a wurinsa.

Na uku, muryarka da muryar takarda suna cakuɗewa. Ka ce "ba wani abin damuwa ba ne", kana nufin ra'ayinka, mai sauraro ya ji kamar takardar ce ta faɗa. Ran da aka tura saƙon ga wani, ba wanda zai iya tsince naka daga nasu. Shi ya sa ƙarkonta ya fi na kowacce rauni.

Haɗi: mu gwada shi da takarda guda

A ce Gwaggo tana haya, wa'adin tashin da aka ba ta ya cika, sai ga wata takarda daga lauyan mai gida. Jikanta ya ɗauki hoto ya turo maka. Irin takardar nan ce ta kwana bakwai da aka sani a shari'ar haya a Nijeriya, wadda mai gida ke sanar da ɗan haya niyyarsa ta zuwa kotu don karɓar gidansa.

In ka bi hira zalla, ɗayan biyu za ka yi. Ko ka ce, "Gwaggo, sun ba ki kwana bakwai ki kwashe kayanki," ta kwana ba barci tana zaton ranar ta takwas za a watso mata kwanuka waje. Ko kuma tausayi ya kama ka, ka ce, "Maganar haya ce, suna so a zauna a daidaita," ta cusa takardar ƙarƙashin katifa sai sammaci ya iso. Duka biyun ba abin da aka rubuta ba ne.

In ka bi Hausar takarda zalla, za ka rubuta: "Ni, lauyan mai gidan da kike haya, ina sanar da ke cewa matuƙar ba ki miƙa gidan cikin lumana ba a cikin kwana bakwai da ba ki wannan takarda, mai gida zai nemi kotu ta ba da umarnin karɓe gidan." Daidai ne. Amma jikan zai karanta mata, ta yi shiru, sannan ta ce, "To, yanzu me suke nufi?"

Haɗi saƙo biyu ne. Na farko a rubuce, a tsare: wanda ya aiko, kwanan watan da ke kan takarda, adireshin gidan kamar yadda aka rubuta, jimlar nan ta sama yadda take, da bayanin cewa akwai sa hannu da hatimi ko babu. Na biyu na murya, kuma ka buɗe shi da shinge: "Gwaggo, ina wuni, ya jiki? Abin da na turo a rubuce shi ne maganarsu. Wannan kuma tawa ce. Ba su ce za su fitar da ke da kansu ba, cewa suka yi in kwana bakwai ya cika ba ki ba da gidan ba za su kai magana kotu. Amma ba takardar ajiyewa ba ce. Wace rana aka kawo miki ita, wa ya karɓa? Ki haɗa rasit ɗin haya duka, gobe a kai wa lauya ya duba."

Ka lura da tambayar ranar da aka kawo takardar. Wannan ba ya cikin hoton, kuma kwanan watan da aka buga a sama ba lallai ne ya zama ranar da ta shiga hannunta ba. Fassarar takarda zalla ba ta da wurin yin wannan tambaya, hira zalla kuma takan manta da ita. Tsadar haɗi ita ce ka yi aiki sau biyu. Rauninsa guda ne: in za a tura gaba, mutane sukan tura muryar su bar rubutun, don haka yana da kyau ka maimaita ranar da adadin kuɗi a cikin muryar ma.

| Ma'auni | Hausar takarda | Hausar hira | Haɗi |
|---|---|---|---|
| Lokaci da kuɗi | Tana cin lokaci. In ana son hatimi sai an biya | Minti kaɗan | Ya fi duka cin lokaci |
| Ƙarko in an tura gaba | Mai ƙarfi | Mai rauni | Mai ƙarfi in saƙon biyu sun tafi tare |
| Sauƙin fahimta | Sai mai karatu, wani lokaci sai an ƙara bayani | Kowa na ganewa | Kowa na ganewa |
| Babban haɗari | Bin kalma a bar ma'ana | Zubar da lamba, wa'adi da nauyin umarni | A tura rabi a bar rabi |

Talla kuwa nata daban ne

A talla, tambayar ita ce wa kake yi wa aiki. In mai kanti ne ya turo maka hoton tallansa na Turanci yana son na Hausa, Hausar takarda za ta kashe masa kasuwa. "Ana sanar da jama'a cewa an rage farashin atamfa" ya yi kama da sanarwar rasuwa. Nan wurin bakin kasuwa ne: "Garaɓasa! Atamfa ta sauka, Hajiya a garzayo kafin ta ƙare." Kana da 'yancin sauya jimla, ka zubar da wasan kalmomin da ba ya aiki a Hausa, ka sa naka. Farashi, ranar rufewa da lambar waya ne kawai ba naka ba.

In kuwa mai saye ne ya turo yana so ya san gaskiyar abin, aikinka ya juye. Zumuɗin tallan ba naka ba ne da za ka kai masa. Manyan haruffa sun ce rangwame har zuwa kashi 50 cikin 100, baki kuma yana so ya ce "rabin kuɗi". Wannan "har zuwa" ita ce duk maganar, domin tana iya yiwuwa kaya ɗaya tak aka raba kuɗinsa biyu. Tallan bashi ya fi wannan tarko. In an rubuta kuɗin ruwa kashi 5 cikin 100 da babban rubutu, "a wata" kuma da ƙarami, to a shekara kashi 60 ke nan ko da ba a ɗora ruwa a kan ruwa ba. A takarda ido yana ganin bambancin girman rubutu ya yi shakka, a fassara kuwa duk haruffa girmansu ɗaya. Don haka sai ka faɗa da bakinka cewa wannan sharaɗin a ƙasa aka ɓoye shi da ɗan mitsitsin rubutu. Ni a irin wannan nakan fara da ƙaramin rubutun, in bar babban daga baya.

Wacce ta dace da wa

In takardar za ta shiga ofis, kotu ko ofishin jakadanci, kamar takardar haihuwa, ta aure ko sakamakon jarrabawa, Hausar takarda ce, kuma taka ta fahimtar mai ita ce kawai. Wadda za a miƙa sai ta fito daga mai fassarar da ofishin ya amince da hatiminsa, don haka a tambayi ofishin tukuna kafin a biya kowa.

In sanarwa ce da za a manna a bango ko a watsa a zauren WhatsApp na unguwa ko na iyayen yara, Hausar takarda mai gajerun jimloli, da "a" da "an", ranaku da kuɗi a lamba. Ba ka san wa zai karanta ba, kuma ba za ka kasance a wurin ba in ya yi tambaya.

In wasiƙa ce mai wa'adi, kuɗi ko barazanar hukunci, kuma mai ita dattijo ne ko wanda ba ya karatun boko, haɗi. Haka ma takardar asibiti da ta magani, sai dai a nan muryar ce ke gaba, rubutun ya zama abin tunatarwa: sunan maganin yadda yake a kwali, ƙwaya nawa, ƙarfe nawa.

In wasiƙar zumunci ce, ko katin gayyatar biki, ko abokinka ne ya ga wani allo a tashar mota yana so ya san me aka rubuta, hira ta isa. Ranar da wurin kawai za ka ƙara masa a rubuce.

Tallan mai kanti, bakin kasuwa. Tallan da mai saye ke tambaya a kai, hira ce amma a sanyaye, da lambobin yadda suke da ƙaramin rubutun a gaba. In kuma hoton ya yanke ƙasan tallan, kada ka fassara komai sai an koma an ɗauko sauran.